Inda Bango Ya Ƙare: Yadda Fenti Ke Ɗaga Silin Ko Ya Sauko da Shi

Ranar da yayana ya tare a sabon gidansa, duk wanda ya shiga falon sai ya ɗan sunkuyar da kai, alhali babu abin da zai buge shi. Matarsa ce ta fara faɗa a fili. Ta ce ita ji take kamar an kife ta da kwano. Yaya ya rantse da idonsa ya ga an jera bulo 12, wajen ƙafa 10 ke nan, to ina tsayin ya tafi?

Wani ɓangaren ya tafi ne da gaske. Masu fi-o-fi sun sauko da silin fiye da ƙafa guda don su sami wurin yin hawa-hawa da ɓoye wayoyi, tayil kuma ya ci nasa daga ƙasa. Da muka sa awo, ƙafa 8 da rabi muka samu. Wannan ba gajarta ce ta a-zo-a-gani ba, ɗakuna da yawa a gari ba su fi haka ba kuma ba wanda ke kuka. Sauran ɓarnar fenti ne ya yi ta. An shafa wa bango ruwan ƙasa mai duhu, an bi adon gefen silin da fentin mai ruwan gwal, sannan aka cike tsakiyar silin da ruwan toka wai don ya dace da kujeru.

Abin da aka saba ji a bakin masu fenti shi ne, in kana son silin ya yi sama, ka sa ya fi bango haske. Akwai gaskiya a ciki, amma rabi ce. A shekarar 2010 wasu masana a Jami'ar Mainz da ke Jamus, Daniel Oberfeld da Heiko Hecht da abokin aikinsu, sun nuna wa mutane ɗakuna na kwamfuta masu launi iri-iri, suka ce su kintaci tsayinsu. Silin mai haske ya fi kama da mai nisa, kamar yadda aka zata. Abin da ba a zata ba shi ne bango mai haske shi ma yana ƙara wa ɗaki tsayi a ido, kuma bambancin da ke tsakanin bango da silin ba shi ne ke aikin ba. Wato in ka duhunta bango don silin ya fito fari tas, ka ba da dama ka karɓe da hagu. Launin daɓe kuwa bai canza komai ba. Binciken da suka biyo da shi ya nuna cewa hasken launin ne ya fi tasiri, ba wai shuɗi ne ko ja ba. Sai dai kada a ɗora wa fenti abin da ba zai iya ba. Ɗan abin da ido ke ƙarawa ko ragewa kaɗan ne, ba ya mai da shago ya koma zaure.

Abu na biyu kuma ba daga jami'a na samo shi ba, daga bakin dattijon mai fentin da muka kira ne. Ya tsaya tsakiyar falon ya ɗaga kai, ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya nuna zoben gwal ɗin nan da sandar rolarsa. "Alhaji, ai ga ɓarawon nan. Ido bango yake bi yana hawa, duk inda ya ci karo da layi nan yake tsayawa. Kai kuma ka ja masa layi da gwal." Adon gefen faɗinsa ya kai inci 6, kuma tunda launinsa ya bambanta da na bango, ido ya ɗauke shi a matsayin farkon rufi. Bangon da ake gani ya koma ƙafa 8 ke nan.

Ga yadda aka gyara. Falon mita 4 ne da mita 5, silin ɗinsa murabba'in mita 20. Fentin ruwa mai kyau, lita guda kan rufe murabba'in mita 8 zuwa 10 a shafa ɗaya, saboda haka shafa biyu na neman lita 4 zuwa 5. Galan ɗaya mai lita 4 zai iya kaiwa da ƙyar, amma tunda fari za a ɗora kan toka, dattijon ya ce a sayi biyu, gara ya yi saura da a koma kasuwa a samo farin da bai yi daidai da na farko ba. Farare ma ba ɗaya suke ba, wani na jan shuɗi, wani na jan madara. Bango kuma, bayan an cire ƙofa da tagogi, ya tashi wajen murabba'in mita 40, aka ware masa rabin bokiti mai lita 20, launin madara mai haske.

Zoben gwal ɗin shi ya fi cin lokaci. Fentin ruwa ba ya kama fentin mai in an shafa kai tsaye, bayan 'yan watanni sai ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Sai da aka goge shi da samfefa har ƙyallin ya mutu, aka yi masa shafar ƙasa, aka bari ya kwana. Sannan aka yanke shawarar da ta fi komai tasiri: adon gefen aka ba shi launin bango, ba na silin ba. Madarar ta hau ta rufe shi har inda shimfiɗar silin ta fara. Da wannan kaɗai bangon ya dawo da incinsa 6. Tsakanin madara da fari kuma bambancin bai kai ya ja layi mai kaifi ba, ido sai ya zarce sama bai san inda ya tsallaka ba. Wasu ma launi ɗaya suke shafawa bango da silin gaba ɗaya, kuma a ƙaramin ɗaki ko bene mai rufin dekin da ya yi ƙasa, ni wannan na fi so.

Matar yaya ta so a sa fenti mai ƙyalli a sama, ta ce ta ga wani gida da silin ke walƙiya kamar madubi. Dattijon ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan silin ba zai ɗauka ba." Ya haska tocila a kwance, daf da silin, sai ga kowace mahaɗa da kowane tudu sun fito da inuwarsu. Haka hasken taga ke yi da rana, yana shafar silin ta gefe, ƙyalli kuwa tona asiri yake yi. Fenti marar ƙyalli yana ɓoye waɗannan, silin ya zama shimfiɗa ɗaya da ido ba ya samun abin kamawa a kai. Abin da ido bai kama ba, ba ya auna nisansa da kyau, kuma abin da ake nema ke nan.

Akwai kuma masu matsalar da ta saɓa wa wannan. Tsofaffin gidajen gwamnati, da falon zamani mai hawa biyu a buɗe, da ƙaramin ɗakin da aka yi wa dogon bango har ya zama kamar rijiya. A nan sai a juya dabarar. A ba silin launin da ya fi na bango nauyi, sannan a sauko da shi kan bango kamar ƙafa 1 zuwa ƙafa 1 da rabi, ido ya ɗauka nan rufin ya fara. Kuskuren da ake yawan yi shi ne auna wannan layi daga silin. Silin da wuya ya zama daidai a kusurwa huɗu, in ka bi shi layinka zai karkace, kuma layi mai duhu a kan bango mai haske ba ya ɓoye karkata. A ɗauko tiyon ruwa irin na magina, a fitar da maki a kowace kusurwa, a buga igiya mai bula, a bi da salatif na takarda. A cire salatif ɗin tun fentin bai gama bushewa ba, in ya ƙame zai taho da ɓawo. A kuma duba kada layin ya yanka kan taga ko ƙofa, ya zauna sama da linta da ɗan tazara.

Duhun silin yana da kuɗinsa, kuma da haske ake biya. Farin silin yana maido da mafi yawan hasken da ya same shi cikin ɗaki, mai duhu shanyewa yake yi. A garin da ake ɗauke wuta a koma kan fitila mai caji, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa ba na ba da shawarar a zurfafa. Sau da yawa ya isa a ɗebi launin da ake so gwangwani 1, a haɗa da fari gwangwani 3. A haɗa duk abin da za a buƙata lokaci guda a bokiti ɗaya, don haɗi na biyu ba ya taɓa fitowa daidai da na farko.

Kuma kada a zaɓi launin silin a shagon fenti, ana kallon kati a tafin hannu cikin rana. Silin ba ya samun hasken taga kai tsaye, abin da ya faɗo daga ƙasa da bango ne ke komawa gare shi, saboda haka kowane launi yakan fi duhu in ya hau sama. Jan kafet ma sai ya rina farin silin ya yi ja-ja. A shafa launin a kan babban kwali, a manna shi a sama, a dube shi da hantsi, a dube shi da dare. Ƙwai mai farin haske yana sa toka ta yi sanyi kamar asibiti, mai ruwan ɗorawa kuma yana sa madara ta koma kamar ta tsufa.

A kusurwar falon yaya akwai wani tabo ruwan shayi da damina ta bari. Irin wannan ko sau biyar ka bi shi da fentin ruwa sai ya sake ɓullowa, domin ruwan fentin ne ke narkar da shi ya jawo shi waje. Sai da kafinta ya hau ya toshe yoyon kwanon, wurin ya bushe sarai, aka rufe tabon da shafar ƙasa ta fentin mai, sannan fari ya zauna. In kuwa silin ɗinka tsohon allon asbesto ne, kada ka yarda a sa masa samfefa, ƙurarsa tana yi wa huhu mummunar illa. A share shi da ɗanyen tsumma a hankali a shafa fenti a kai.

Kwana 4 aikin ya ci. Da aka gama, sai abu ɗaya ya rage yana ɓata lissafi: fanka. Sandarta doguwa ce, irin ta ɗaki mai ƙafa 10, ga ta baƙa wuluk tana lilo a tsakiyar farin silin. Aka rage sandar yadda fukafukan suka haura ƙafa 7 daga ƙasa sosai, ba tare da sun manne da silin har iska ta rasa hanya ba. Labulen ma aka ɗaga sandarsa daga kan linta zuwa gindin adon gefen, aka sake shi har ƙasa. Da surukar yaya ta zo ganin gida a makon, tambayar da ta fara yi ita ce nawa aka kashe wajen fasa fi-o-fi ɗin.