Yaushe Mai Jego Za Ta Koma Gudu?

Matan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni masu gudun motsa jiki kan tambaya: da an yi arba'in, sai a ɗaura takalmi? A'a, da sauran lokaci. Jagorar da ƙwararrun gashin ƙashi na Birtaniya suka fitar a 2019 ta ce a jira aƙalla mako 12 bayan haihuwa.

Dalili shi ne tsokokin ƙasan ƙugu, waɗanda ke tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura. Goyon ciki da naƙuda suna sassauta su, gudu kuwa jijjiga su yake yi a kowane taku.

Ki fara ƙarfafa su tun kina jego. Matse gabanki kamar mai riƙe fitsari, ki ƙirga har 10 kina numfashi, sannan ki saki. Maimaita sau 10, safe da rana da dare.

Idan mako 12 ya cika, gwada kanki: tafiyar minti 30, tsayuwa da ƙafa ɗaya daƙiƙa 10, da sassarfa a wuri ɗaya minti 1. In babu matsala, fara da gudun minti 1 da tafiyar minti 2, kina hutun kwana ɗaya tsakani. Ƙara tsawon lokaci kafin ki ƙara sauri.

Ɗigar fitsari, jin nauyi a gaba, ciwon ƙugu ko zubar jini alamun dakatawa ne. 'Yar'uwa, kada kunya ta sa ki ɓoye. Garzaya sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke titin Zariya, domin abin yana da magani.