Takardar Shirin Suna: Kowane Kaya da Mai Kawo Shi

Kwana bakwai ne kacal tsakanin haihuwa da suna, kuma 'yan barka ne ke cinye rabinsu. Shi ya sa tun rana ta biyu ya kamata angon ƙarni ya zauna da ƙanensa ko amininsa, tare da wata babbar mace a gidan, su rubuta takarda mai gida huɗu: kaya, adadi, mai kawowa, da lokacin isowa.

Gidan mai kawowa shi ne zuciyar takardar. Kada a rubuta "dangin uwa" ko "abokai", domin abin da aka ɗora wa kowa, babu mai ɗaukarsa. Mutum ɗaya ake rubutawa a gaban kowane kaya, da lambar wayarsa, bayan shi ma ya amsa da bakinsa.

A ɗauki misalin gidan da ke sa ran maza 60 a raɗin suna da safe, da mata 100 a yinin suna da yamma. Ba kujera 160 za a ɗauko haya ba, tunda taron biyu ba lokaci ɗaya suke ba. Dozin 8, wato kujera 96, da 'yan tabarmi sun wadatar. Rumfa kuwa a kafa ta tun daren jajibere, domin raɗin suna da sassafe ake yi. A tambayi mai haya ko kuɗin ɗauko kayan da mayar da su na cikin ciniki, a ba shi kafin alƙalami, sannan a ƙirga kujerun a gabansa. Wanda ya ƙirga da isowarsu shi zai ƙirga ranar mayarwa, in ba haka ba sai a biya kuɗin kujerar da ta zo a karye.

Abinci ba layi ɗaya ba ne. Goro, dabino, alawa da wainar safe suna da mai su. Shinkafar yamma da kulolin zuba ta suna da tasu uwargijiyar. Ragon suna ma layi biyu yake ci: mai sayowa, da mahaucin da zai feɗe. Ruwan leda 20 ne a jaka, don haka mutum 160, kowa biyu, jaka 16 ke nan; a ƙara huɗu saboda zafi.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne kayan sauti. Mai lasifika zai zo da makirufo da wayoyinsa, amma sau da yawa janareta da fetur a kan mai gida suke. A ba su layinsu daban, a kuma gwada kayan kafin baƙi su zauna.

Da la'asar ɗin jajibere, mai riƙe da takarda ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya a waya. Duk wanda ya ce "ana nan ana ƙoƙari", a nemi madadinsa tun kafin magariba.