Wa'adin kwana 30 na ɗaukaka ƙarar haraji a Najeriya

Ɗan kasuwa ko kamfani a birnin Katsina da hukumar haraji ta yi watsi da ƙorafinsa kan kuɗin da aka yanka masa yana da kwana 30 kacal ya kai maganar gaban kotun ɗaukaka ƙarar haraji. Idan wa'adin ya cika bai shigar da takarda ba, doka na ɗaukar adadin da aka yanka masa a matsayin tabbatacce, kuma hukumar na da ikon karɓarsa tare da tara da kuɗin ruwa.

An kafa wannan kotu ne a ƙarƙashin dokar hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, ta shekarar 2007, ta kuma soma aiki a 2010 da rassa takwas. Jihar Katsina tana ƙarƙashin reshen shiyyar arewa maso yamma, wanda aka ajiye a Kaduna, tare da jihohin Kano da Jigawa da Sakkwato da Kebbi da Zamfara da ita kanta Kadunar. Sababbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025 sun sauya sunan FIRS zuwa NRS, amma sun bar kotun da kuma wa'adinta na kwana 30.

Ba kamfanoni kaɗai ke zuwa can ba. Harajin kuɗin shiga na ɗaiɗaikun mutane doka ce ta tarayya, ko da yake jihohi ne ke karɓarsa, kuma tun gyaran da aka yi wa dokar a 2011 wannan kotu ce ke sauraron ƙararrakinsa. Saboda haka mai shago a babbar kasuwar Katsina da ke jayayya da hukumar tara kuɗin shiga ta jihar, shi ma Kaduna ce hanyarsa.

Wa'adi biyu da ake yawan cakuɗawa

Kafin a kai ga kotu akwai mataki na farko, wanda shi ma kwana 30 ne. Da zarar an miƙa wa mutum takardar harajin da aka yanka masa, yana da wannan adadi na kwanaki ya rubuta wa hukumar ƙorafi. Dokar gudanar da haraji ta 2025, wadda ta fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2026, ta ba hukumar kwana 90 ta ba da amsa, idan kuwa ta yi shiru har suka wuce, ana ɗaukar cewa ta amince da ƙorafin. Idan ta ƙi amincewa, takan aika da takardar ƙin gyara harajin, wadda akantoci ke kira NORA a taƙaice. Wannan takarda ce ke buɗe wa'adi na biyu, wato na zuwa kotu.

A misali, a ɗauka wani mai sayar da atamfa da shadda a sari a Katsina ya samu takarda ranar 2 ga Maris na 2026, tana neman ya biya Naira miliyan 8. Shi kuwa lissafinsa ya nuna miliyan 3 ne a kansa. Ya rubuta ƙorafi ranar 16 ga Maris, cikin lokaci. Hukumar ta rubuta takardar ƙin gyara mai ɗauke da kwanan watan 4 ga Mayu, amma ba ta iso shagonsa ba sai ranar 11 ga Mayu.

A nan ne ake samun tangarɗa. Lafazin da dokar 2007 ta zo da shi na magana ne a kan ranar da aka yanke shawarar, ko ranar da ake ɗauka an yanke ta. Mai ƙara zai iya kafa hujja cewa ba a soma ƙirga masa kwanaki ba sai ranar da takardar ta shiga hannunsa, wanda zai kai shi 10 ga Yuni. Sai dai wannan hujja ce da lauyan hukumar zai iya ƙalubalanta, kuma babu hikima mutum ya soma shari'arsa da gardama kan ko yana da hurumin tsayawa a kotun ma. Abin da ya fi aminci shi ne ya ƙirga daga kwanan watan da ke kan takardar. Ba a lissafa ita ranar 4 ga Mayun kanta, don haka rana ta talatin ta faɗo Laraba, 3 ga Yuni.

Kwanakin kalanda ake nufi, ba na aiki ba. Asabar da Lahadi suna ciki, haka ma hutun Babbar Sallah, wanda a 2026 yake ƙarshen watan Mayu, a tsakiyar wa'adin wannan ɗan kasuwa. Sassaucin da dokar fassara dokoki ta bayar ɗaya ne: idan ranar ƙarshe ta faɗo Lahadi ko ranar hutun gwamnati, wa'adin na tsallakawa zuwa rana ta gaba da ba hutu ba ce.

Akwai kuma abin da ba ya tsayar da wannan ƙidaya, wato neman sulhu. A gari kamar Katsina, inda kusan kowa ya san wani da ya san wani, abu ne mai sauƙi mutum ya shafe makonni yana zarya ofishin haraji, ko ya tura dattijo ya sa baki, ko ya sake rubuta wata wasiƙar roƙo. Duk waɗannan ba su ƙara masa kwana ko ɗaya ba. Shigar da ƙara kuwa bai rufe ƙofar sasantawa ba, domin ɓangarorin biyu na iya daidaitawa daga baya su kai wa kotun yarjejeniyarsu ta mayar da ita hukunci.

Wanda ya makara na iya roƙon kotun ta ƙara masa lokaci, kuma doka ta ba ta ikon yin haka idan ta gamsu akwai dalili mai ƙarfi. Ana buƙatar takardar rantsuwa da ke bayyana abin da ya jawo jinkirin, tare da shaida, kamar takardar asibiti ko biza da tikitin tafiyar aikin Hajji. Amma wannan alfarma ce da kotu ke iya bayarwa ko ta hana.

Abin da takardar ƙara za ta ƙunsa

Ƙa'idojin aikin kotun na 2021 sun tanadi fom na musamman da ake cikewa, an kuma yarda a shigar da shi ta intanet, abin da ke rage wa mutanen Katsina wahalar doguwar tafiya zuwa Kaduna. Ɓangaren farko bayanai ne na gane shari'ar: sunan mai ƙara da na hukumar da adireshin da za a riƙa kai musu takardu, da kuma harajin da ake magana a kai, lambarsa da shekararsa da ranar takardar ƙin gyara.

Daga nan sai mai ƙara ya fayyace ko duka shawarar yake ƙalubalanta ko wani sashe nata, da takamaiman kuɗin da ake jayayya a kai. A misalin da ya gabata, miliyan 5 ne, ba miliyan 8 ba. Miliyan 3 da ya amince da su gara ya biya ya haɗa da rasit, domin hakan na rage kuɗin da tara za ta hau, yana kuma nuna wa kotu cewa ba gudun haraji yake yi ba.

Zuciyar takardar ita ce dalilan ƙara, kuma a nan ƙararraki ke tsayuwa ko su faɗi. Bisa doka, nauyin tabbatar da cewa haraji ya yi yawa yana kan mai ƙara ne, ba hukumar ce za ta tabbatar da cewa lissafinta daidai ne ba. Cewa “kasuwa ba ta tafiya” ko “an zalunce ni” ba dalili ba ne da kotu za ta iya auna shi. Kowane dalili na buƙatar lambarsa, da bayanin kuskuren, da adadin kuɗinsa, da takardar da ke goyon bayansa.

A ce hukumar ta ƙiyasta ribar ɗan kasuwar ne daga kuɗin da suka shiga asusun bankinsa. Dalili na farko zai iya cewa Naira miliyan 15 daga ciki kuɗinsa ne da ya tura daga wani asusunsa zuwa wani, aka ƙirga su sau biyu, ga kuma bayanan asusun biyu da ke nuna fitarsu da shigarsu a rana guda. Na biyu zai ce miliyan 7 rance ne daga ɗan'uwansa ba ciniki ba. Wannan ya fi wuyar tabbatarwa, ganin cewa yawancin irin wannan rance a kasuwannin arewa da baki ake ƙulla shi bisa amana. Idan babu rubutacciyar yarjejeniya, sai an sa mai ba da rancen cikin shaidu, a kuma nuna inda aka soma biyansa. Na uku zai ce an ƙi cire kuɗin dakon kaya daga Kantin Kwari na Kano, alhali kuɗi ne da aka kashe domin kasuwancin, ga rasit. Ya fi kyau dalilan su dace da abin da aka faɗa tun a wasiƙar ƙorafi, domin adadin da ya sauya tsakanin takardun biyu shi lauyan hukumar zai fara kamawa.

A ƙarshen fom ɗin ake rubuta abin da ake roƙon kotu ta yi, misali ta rage harajin zuwa miliyan 3 ta kuma soke tarar da aka ɗora kan ragowar. Tare da shi ake haɗa jerin shaidu, da rubutaccen bayanin kowane shaida bisa rantsuwa, da kwafin duk takardun da za a dogara da su. Ma'ana, ba a shigar da ƙara sannan a koma neman hujja. Kwana 30 ɗin ne lokacin tattara ta. Neman bayanan asusu na shekara guda daga banki da shirya rantsuwar shaidu kaɗai na iya cinye rabinsu. Mutum na iya tsayawa da kansa, ko lauya ko ƙwararren akanta ya wakilce shi.

Batun ajiye rabin kuɗi

Ƙa'idojin 2021 sun zo da wani sharaɗi da ya tayar da ƙura, cewa sai mai ƙara ya ajiye kashi 50 cikin 100 na kuɗin da ake jayayya a kai kafin a saurare shi. Ga ɗan kasuwar da ke cikin misalin, hakan na nufin Naira miliyan biyu da rabi. A watan Nuwamban 2023, Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, a ƙarar da babban lauya Joseph Daudu ya shigar, ta soke wannan sharaɗi bisa dalilin cewa ya saɓa wa haƙƙin sauraron kowa cikin adalci da tsarin mulki ya tanada.

Idan hukuncin kotun haraji bai gamsar da ɗaya daga cikin ɓangarorin ba, akwai wasu kwana 30 na ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu, amma a kan fassarar doka kawai. Tambayar ko miliyan 7 ɗin rance ne ko ciniki, a Kaduna ake yanke ta, bisa takardun da aka haɗa da fom ɗin farko da kuma abin da shaidu suka faɗa.