Idan shagon aboki ya fara durƙushewa: lissafi kafin alkawari

“Kasuwa dai sai a hankali.” Wannan ita ce amsar da ƴan ci-rani da dama ke ji idan sun kira abokansu masu ƙananan shaguna a Maraɗi, Damagaram ko Tawa. Mai sauraro kuma yakan yi saurin cewa, “Kada ka damu, zan turo maka wani abu.” Da kyakkyawar niyya ake faɗin haka, amma sau da yawa wannan kalmar ce ke ƙara jefa mai shagon cikin rami.

Matsin da ƙananan ƴan kasuwa suka shiga ba ƙirƙira ba ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya sa an rufe iyakoki, Najeriya kuma ta katse wutar da take bai wa Nijar. Hanyar Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya ba ta sake buɗewa a hukumance ba sai a watan Maris na 2024. A wannan tsakani kaya sun yi tsada, masu saye sun rage hannu, bashi ya yi yawa. Sai dai sanin wannan bai isa ya nuna abin da ke damun shago guda ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma aikin aboki shi ne ya taya shi gano wurin.

Yadda alkawari ke zama bashi

Ɗan kasuwar da aka ce za a turo wa kuɗi ba ya zama jira. Yakan je wurin dilan da yake sarin kaya, ya ɗauki buhunan shinkafa da katan-katan na taliya, ya ce zai biya ƙarshen wata. Idan kuɗin ba su zo ba, ya rasa abu biyu: amanar dila, wadda ita ce rabin jarin ƙaramin ɗan kasuwa, da kuma sakin jikin da yake yi da abokin nasa. Daga nan kunya kan sa su daina kiran juna.

Kalmar “komai zai daidaita” ma tana da irin wannan illa idan ita kaɗai aka bayar. Addu'a da fatan alheri suna da muhallinsu, amma mai shago yana bukatar ya san ko ya ci gaba da biyan haya ko ya tsaya.

Tambayoyi huɗu

A ɗauki misalin wani matashi mai shagon kayan masarufi a cikin unguwa, wanda ya fara da jarin jika 500 na sefa shekara biyu da suka wuce. Yanzu kantocinsa sun yi fayau, shi kuma ya yanke cewa shagon ya mutu. Abokinsa da ke aiki a Abijan, maimakon ya yi alkawari, sai ya ce masa: “Ɗan uwa, ɗauko littafinka mu duba tare.”

Tambaya ta farko: nawa ne kayan da suka rage, a farashin sari? Jika 180, da tsabar kuɗi jika 20. Ta biyu: nawa yake bin mutane? Jika 150. Ta uku: nawa ake bin sa? Jika 100, na dila. Idan aka haɗa aka cire, jarin ya koma jika 250, wato rabi ya tafi.

Tambaya ta huɗu ce ke nuna inda ya tafi: me ke shiga, me ke fita? Cinikinsa na yini ya kai jika 30, ribar da ke ciki kuma wajen jika 3, wato jika 90 a wata. Haya, wuta da haraji suna cin jika 25. Shi kuma yana ɗibar jika biyu da rabi kullum don cefanen gida, jika 75 ke nan a wata. Abin da ke fita ya zama jika 100. Giɓin jika 10 ne kacal a wata, amma cikin wata 24 ya kai jika 240, kusan duk abin da jarin ya rasa.

A nan ne ƙarfafa gwiwa ke samun gindin zama. Abokin zai iya cewa, ba tare da ya yi ƙarya ba: “Shagonka yana kawo riba. Bayan haya da wuta yana barin maka jika 65. Abin da kake ɗauka ne ya ɗara haka da jika 10.”

Littafin bashi

Sauran maganin yana cikin jika 150 da ke hannun mutane. Idan aka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, sukan kasu uku. A misalin nan, jika 60 na hannun masu albashi da za su iya biya ƙarshen wata, jika 50 na hannun waɗanda sai an bi su kaɗan-kaɗan, jika 40 kuma na waɗanda suka bar gari ko ba su da hali. Aboki na gaskiya zai faɗa masa ya cire wannan jika 40 daga lissafi, ko da maganar ba daɗi.

Idan jika 60 ɗin suka dawo aka zuba su a kayan da ba sa kwana, irin su sukari, man girki da sabulu, aka juya su sau biyu a wata, za su kawo ribar wajen jika 12. Wannan kaɗai ya toshe giɓin, muddin ba a buɗe sabon bashi ga wanda bai biya tsoho ba.

Abin da za a iya alkawarta

Alkawari kaya ne, don haka a ɗauki wanda za a iya saukewa. Wanda zai ba da kuɗi ya faɗi adadin da ke hannunsa yanzu, da ranar turawa, ya kuma fayyace ko kyauta ce, ko rance, ko haɗin jari. Idan rance ne a rubuta, da shaida. Jika 20 da suka iso ranar da aka faɗa sun fi jika 200 da ake ta jira.

Wanda ba shi da kuɗi ma ya faɗa a fili, sannan ya ba da abin da yake da shi. Zai iya sa a riƙa sayen cefanen da yake aika wa gidansu a shagon, kuɗi hannu. Zai iya kira kowace Juma'a su duba cinikin mako. Na kusa kuma zai iya raka shi wurin dila a nemi biyan jika 100 ɗin kashi-kashi.

Idan lissafi ya ƙi

Ba kullum lissafi ke daɗi ba. Idan wata uku a jere ribar ba ta biyan haya da wuta tun kafin mai shago ya ɗauki ko dala, ƙarin kuɗi jinkirta faɗuwa kawai zai yi. A nan taimakon shi ne a ba shi shawarar ya saki shagon ya koma tebur a ƙofar gida, ya biya dila, ya tsira da sauran jari da mutuncinsa. Wanda ya rufe shago ba a bin sa bashi, dila zai sake ba shi kaya ranar da ya dawo.