Haƙuri Ga Ɗan'uwa Ba Ya Son Tsawo

Wata ƙanwa ta tona sirrin rikicin auren yayarta a taron biki. Daga baya ta rubuto doguwar wasiƙa cike da rantsuwa, labarin kukanta da rashin barcinta, da jerin halaccin da ta yi a baya. Irin wannan saƙo ya koma kanta, yayar ce ma za ta dawo tana lallashi.

Sai ta soke duk jimlar da ke maganar halin da ta shiga, da kowane "amma", da "idan na ɓata miki rai", domin ta san ta ɓata. Rantsuwa ɗaya ma ta yi yawa. Abin da ya rage: "Yaya, na faɗi sirrinki a gaban mutane. Laifina ne. Zan je wurinsu in roƙe su kada maganar ta wuce nan. Ki yafe mini." Kada ta matsa sai an amsa yau.