Saƙon Tunatarwa Kafin Taron Intanet: Me Ya Kamata Ya Ƙunsa?

Masu shirya taron bita ta intanet, wanda ake kira webina, sun san wannan damuwa: mutane su yi rajista tuli, ranar taro kuma a ga 'yan ƙalilan. Galibi ba fasawa suka yi ba. Sun yi rajistar tun makonni biyu baya, saƙon farko ya nutse cikin akwatin imel, ga hidimomin yau da kullum. Aikin saƙon tunatarwa shi ne ya kawo mutum cikin taron ba tare da ya yi wani bincike ba, domin yawanci a waya zai karanta shi, a gaggauce, saura minti kaɗan a fara.

Mu ɗauka wata ƙungiya ta shirya bita a Zoom ga ƙananan 'yan kasuwa kan rubuta lissafin shige da fice na kuɗi, ranar Asabar da ƙarfe 11:00 na safe. Kan saƙon ya faɗi sunan bitar, rana da lokaci. A rubuta sunan ranar da kwanan wata, kada a tsaya a "gobe", don wani sai gari ya waye zai buɗe.

A wajen lokaci aka fi yin tuntuɓe. Ƙarfe 11:00 a Kano shi ne 11:00 a Damagaram da Garwa da N'Djamena, amma a Kumasi 10:00 ne, a Khartoum 12:00, a Jidda kuma 1:00 na rana. Wanda ke Landan lamarinsa ya fi rikitarwa: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonsu ɗaya ne da na Najeriya, sauran watannin kuwa suna bayanmu da awa ɗaya. Don haka a rubuta "11:00 na safe agogon Najeriya da Nijar", a ƙara na ƙasashen da aka san akwai mahalarta. A gani na, mai shiri ya duba lokutan salla tun kafin ya tsayar da lokaci, in kuma za a yi hutun salla, ya faɗa a cikin saƙon.

Nan take bayan lokaci sai adireshin shiga, wato link, a layinsa shi kaɗai. A ƙarƙashinsa a rubuta Meeting ID da Passcode, saboda wata wayar ba ta buɗe manhajar in an taɓa adireshin, sai an shigar da lambobin da hannu. Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba: idan an kunna rajista a Zoom, kowane mutum adireshinsa daban ne. Wanda ya tura nasa zauren WhatsApp, wasu za su shigo da sunansa, ko ma shi ya kasa shiga idan an taƙaita shi ga na'ura ɗaya. Kutsen da baƙi suka riƙa yi wa tarurrukan Zoom a 2020 ya samo asali ne mafi yawa daga adireshin da aka watsa a fili. Layi ɗaya ya isa: wannan adireshi naka ne, mai son shiga ya yi tasa rajistar.

Ajanda kuwa ta zo da mintoci: gabatarwa 11:00, darasi 11:10, gwaji da littafin ciniki 11:40, tambayoyi 12:00, rufewa 12:15. Mai shago da ba zai iya zama duka ba ya san inda zai kama. Mai shiri ya tuna cewa Zoom na kyauta yana yanke taro bayan minti 40, don haka taron minti 75 sai da asusun biya.

Sashen shiri shi ne wanda aka fi rubutawa sama-sama. "Ku zo a shirye" ba ya gaya wa kowa komai. A ce: ka zo da littafin cinikinka na mako ɗaya da biro, ka cika cajin waya tun da dare, ka sayi data isasshiya, ka samu abin sawa a kunne. Wanda bai taɓa amfani da Zoom ba ya sauke manhajar yau, ya gwada sautinsa a zoom.us/test. A kuma sanar cewa kashe kyamara yana rage cin data. In akwai takardar karantawa, a haɗa PDF mara nauyi, a faɗi shafin da ake so a duba.

A aika saƙon kwana ɗaya kafin taro, sannan gajerensa, lokaci da adireshi kawai, saura awa ɗaya. Mai aikawa da hannu ya sa sunayen mutane a Bcc don kada imel ɗin kowa ya bayyana ga kowa. Kafin ya aika, ya fara tura wa kansa, ya buɗe a wata wayar, ya taɓa adireshin ya tabbatar taron da ake nufi yake buɗewa, ya kuma sa lambar wayar wanda za a kira idan shiga ta gagara.