Inda aka kafa fuloti, can lissafin daji yake komawa

Dajin Yankari da ke Jihar Bauchi ya kai murabba'in kilomita 2,244. Babu ma'aikacin gandun daji ko ɗalibin jami'a da zai bi shi itace bayan itace yana ƙirgawa, ko da zai ƙare rayuwarsa a kai. Amma ana rubuta rahoto a ce kawo ya fi yawa a nan, madobiya tana raguwa a can. Yadda ake yi shi ne a auna ƙananan fulotai, a ƙirga abin da ke cikinsu tsaf, sannan a yi magana a kan dajin duka. Saboda haka gaskiyar rahoton tana rataye a kan abu guda: yaya aka zaɓi inda za a kafa fulotan nan?

Mai sayen hatsi a kasuwar Dawanau ba ya yarda da abin da ke bakin buhu. Yakan sa a soki buhun a tsakiya da gindi, don ya san mai kyaun ake ɗorawa a sama. Shi mai binciken tsirrai ba wani ne ke yaudararsa ba, idonsa da ƙafarsa ne. Ƙafa tana son gefen hanya da inuwa, tana gudun sarƙaƙiya da ƙaya da hawan dutse. Ido kuma yana jan mutum wajen ƙatuwar kuka ko inda itatuwa suka yi cincirindo. Gefen hanya kuwa nan ne masu saran itace da masu kiwo suka fi taɓawa. Wanda ya kafa fulotansa inda ransa ya kwanta, hanya ya auna, ba daji ba. Hanyoyi ukun da masana ke bi duk manufarsu su ƙwace zaɓin daga hannun mutum.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wata ƙaramar hukuma tana da gandun daji mai hekta 200. Hekta 180 tudu ne, mai taura da marke da kalgo jefi-jefi. Sauran hekta 20 fadama ce da ta bi bakin rafi, inda giyayya da kanya da maɗaci suka yi duhu. Ana son a san itatuwa nawa ne a gandun, kuɗi da lokaci kuma sun isa fuloti 20 kacal. Kowane fuloti mita 20 ne tsawo, mita 20 faɗi, wato fuloti 25 ne ke cika hekta ɗaya. Idan aka ja igiya, akan auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta. In an sami mita 28.3, fulotin bai karkace ba.

Hanya ta farko ita ce ƙuri'a. A shimfiɗa taswirar gandun, a yanka ta gida-gida daidai girman fuloti. Za a sami gida 5,000, kowanne da lambarsa. Sai a ciro lamba 20 ta yadda kowane gida yake da rabo daidai da ɗan'uwansa. A manhajar Excel ana rubuta wannan a layi 20:

```
=RANDBETWEEN(1,5000)
```

A kwafe lambobin a takarda nan take, don suna sauyawa duk sanda aka taɓa shafin, in kuma wata ta maimaitu a sake ciro ta. Daga nan sai a bi na'urar nuna wuri zuwa inda lambar ta faɗa, ko cikin ƙaya ne. Akwai abin da ake yi a darasin makaranta, ɗalibi ya juya baya ya wurga firam ɗin katako, inda ya faɗi a ƙirga ciyawar ciki. Wannan ba ƙuri'a ba ce. Shi ya zaɓi inda ya tsaya, shi ya zaɓi inda ya fuskanta, firam ɗin kuma ba ya shiga tsakiyar kurmi.

Amfanin ƙuri'a babba ne. Lissafin da ke gaya wa mai karatu iyakar kuskuren da ke cikin sakamako, a kanta aka gina shi. Sai dai ƙuri'a ba ta san fadama ba. Tunda fadamar kashi ɗaya ce cikin goma na gandun, ana sa ran fuloti biyu su faɗa cikinta. To amma sa rai ne kawai. In aka lissafa, kusan sau 12 cikin 100 ba ko ɗaya da zai faɗa can, sai a rubuta rahoton gandu mai maɗaci ba a ambaci maɗaci ba. Wani lokaci kuma fulotai kan taru a kusurwa ɗaya su bar rabin dajin ba a taka ba. Ƙuri'a zalla ta fi dacewa da filin da duk inda ka duba kusan iri ɗaya ne, ko wanda ba a san komai a kansa ba tukuna.

Hanya ta biyu ita ce jeri da tazara guda. A raba hekta 200 da fuloti 20, kowanne ya wakilci hekta 10, wato a bar kusan mita 316 tsakanin fuloti da na kusa da shi, gabas da yamma, kudu da arewa. Wurin farawa kaɗai ake ciro wa ƙuri'a, sauran su biyo baya a kan layi. Ma'aikatan daji suna son wannan hanya, kuma suna da hujja. Tafiya tana sauƙi, ba a ɓata, ba ɓangaren da ake tsallakewa, in ana son zana taswirar yadda tsirrai ke sauyawa daga bakin rafi zuwa tudu kuma babu kamarta.

Haɗarinta yana fitowa ne idan ƙasar kanta tana da nata jerin. A kwarin Majiya, cikin jihar Tawa ta Nijar, tun 1975 aka soma dasa dogon yaro layi-layi don kare gonaki daga iska, tsakanin layi da layi kusan mita 100. Wanda ya je can ya ce zai kafa fuloti duk bayan mita 300 don lamba ce mai sauƙin riƙewa, ya shiga tarko. In fulotin farko ya hau kan layin itace, duk sauran za su hau, sai ya rubuta cewa kwarin kurmi ne. In ya faɗa tsakiyar gona, duk za su faɗa, sai ya ce babu itace. Haka abin yake a kan kunyoyin gona ga mai ƙirga ciyawa, da jigawar rairayi da ke jere. Ana gane matsalar tun kafin a fita, in aka ɗora jerin fulotan a kan hoton tauraron ɗan'adam aka ga duk suna sauka a wuri iri ɗaya. Maganinta a sauya tazarar, ko a karkata layin, ko a koma wata hanyar.

Hanya ta uku, wadda a ganina ita ta dace da gandunmu, ita ce a fara kasa dajin kashi-kashi bisa abin da aka san ya bambanta shi, sannan a yi ƙuri'a a cikin kowane kashi daban. A Yankari ma haka mai hankali zai yi, don tsirran kwarin kogin Gaji da na tudun da ke kewaye da shi ba abu ɗaya ba ne. Sharaɗin shi ne a ja iyakar kashin a kan taswira kafin a fara ƙirga, a kuma san faɗin kowanne. Ba a dawowa daga daji sannan a yanka iyaka don ta dace da abin da aka gani.

A gandunmu, sai mu ba tudu fuloti 12, fadama 8. Fadamar ta sami fiye da rabonta da gangan, domin nan ne yawan itace ya fi sauyawa daga wuri zuwa wuri, nan ne kuma irin da ba a samu a tudu suke. A ce an ƙirga, an sami matsakaicin itace 4 a fulotin tudu, wato 100 a hekta, da itace 14 a fulotin fadama, wato 350 a hekta. A nan ne rahotanni da yawa ke tuntuɓe. Mai gaggawa zai tara fulotan 20 gaba ɗaya: 48 na tudu da 112 na fadama, 160 ke nan, ya raba da 20 ya sami 8, ya ce itace 200 ne a hekta, gandun yana da 40,000. Ya manta fadamar da ta ɗauki fuloti 8 cikin 20 kashi ɗaya ce tak cikin goma na ƙasar. Daidai shi ne a lissafa kowane kashi da faɗinsa. Hekta 180 sau 100 ya ba da 18,000. Hekta 20 sau 350 ya ba da 7,000. Jimla 25,000, wato 125 a hekta. Itace 15,000 da babu su aka ƙara wa gandun, ba don wani ya yi ƙarya a daji ba. In da wannan adadi aka yanke yawan icen da za a bari a sara, gandun ne zai biya.

Shi ya sa sashen rahoto da ke bayyana yadda aka zaɓi fulotai yake ba ni takaici idan na ga an gama shi da layi ɗaya, wai an yi ƙuri'a don kauce wa son zuciya. Wannan jimla za ta zauna a kowane rahoto na kowane daji, don haka ba ta kare komai ba. Hujja ta gaskiya tana haɗa tambayar binciken da yanayin wannan ƙasar, ta kuma faɗi dalilin barin sauran hanyoyin. Ga yadda ta gandunmu za ta kasance:

An kasa gandun gida biyu bisa hoton tauraron ɗan'adam da zagayen gani da ido, tudu hekta 180 da fadama hekta 20. Ba a yi ƙuri'a zalla ba, domin da fuloti 20 akwai yiwuwar kusan 12 cikin 100 fadama ta fita babu ko ɗaya. Ba a yi jeri ba, domin fadamar siririya ce, tazarar mita 316 tana iya tsallake ta. An ba ta fuloti 8 saboda tsirranta sun fi bambanta, an kuma lissafa jimla bisa faɗin kowane kashi.

Bayan wannan sai a faɗi abin da aka kira itace, misali duk wanda kaurin gangar jikinsa ya kai santimita 10 idan aka auna a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, da dokar da aka bi a kan itacen da igiya ta ratsa. A faɗi watan da aka yi aikin, don ciyawar da aka ƙirga a ƙarshen damina ba za a same ta ba bayan gobarar daji ta wuce a rani. Wanda ya yi jeri kuma ya bayyana cewa lissafin kuskurensa aro ne daga na ƙuri'a, ƙiyasi ne kawai.

Sai batun fulotin da ba a iya kaiwa ba, ko don ruwa ya cika, ko don rashin tsaro, wanda yau ya hana shiga dazuzzuka da dama a arewa. Kada a matsa gefe a kafa inda ya yi sauƙi a yi shiru. Tun a ofis ake ciro lambobin ajiya a kowane kashi, in fuloti ya gagara a ɗauki ta gaba a jerin. A rubuta guda nawa aka musanya da dalili. In kuwa wani ɓangare ne gaba ɗaya ya gagara, a cire faɗinsa daga lissafi, a ce sakamakon na hekta kaza ne da aka iya shiga, ba na gandun duka ba.